Hijira da Takardar Madina: Wa Zai Biya Diyyar Wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yawan jin ana cewa da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira zuwa Madina ya rubuta yarjejeniya tsakanin Musulmi da Yahudawa, wasu ma suna kiranta kundin tsarin mulki na farko a duniya. Don Allah me ke cikin takardar nan, ta inganta kuwa, kuma me ya haɗa ta da ita hijirar?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah Ya ƙara mana sani baki ɗaya.

Wanda ya zauna ya karanta takardar nan da kansa daga farko zuwa ƙarshe zai tarar kusan rabinta na farko magana ce kan jini: wa zai biya diyya idan an yi kisa, wa zai fanshi wanda aka kama a yaƙi, wa ke da ikon ba baƙo mafaka, kuma gaban wa za a kai ƙara idan rigima ta tashi. Yahudawa suna ciki, kuma za mu zo kansu, amma ba da su aka buɗe ba. A ganina ta ƙofar jinin nan ya kamata a shiga, domin ita ce ta ɗaure takardar da hijira.

A ƙasar Hijaz ta wancan zamani babu sarki, babu alƙali, babu dogari. Abin da ke tsare ran mutum shi ne danginsa. Ana jin tsoron taɓa ka ne saboda an san akwai waɗanda za su tashi neman jininka, ko dai su kashe wani daga dangin wanda ya kashe ka, ko su karɓi diyya, wadda ta kai raƙuma 100. Dubi yadda Ƙuraishawa suka tsara makircinsu a Darun Nadwa kafin fitar Annabi (SAW) daga Makka. Shawarar Abu Jahal ita ce kowane gida ya ba da saurayi ɗaya mai ƙarfi, a ba kowanne takobi, su sare shi sara ɗaya. Hikimar mugun shirin ita ce jinin zai warwatsu a kan gidaje duka, Banu Abdu Manaf, dangin Annabi (SAW), ba za su iya yaƙar kowa da kowa ba, sai su haƙura su karɓi diyya. Ko a lokacin da suke ƙulla kisa, lissafin jini suke yi.

To, mutumin da ya bar Makka ya yi hijira ya bar wannan garkuwa a baya. Ya sauka a garin da ba shi da kawu, ba shi da ɗan baffa. Idan aka kashe shi babu mai neman jininsa, idan shi ya yi kisa bisa kuskure babu mai taya shi biya. Hijira ta tara ɗimbin mutane masu irin wannan hali a wuri guda, kuma dole a sama musu matsayi.

Shi kansa garin da suka sauka, Yasriba, wato Madina, ba lafiya yake ba. Ba birni ne mai ganuwa ɗaya ba. Unguwanni ne a warwatse cikin gonakin dabino, kowane gida da dogayen gine-ginensa na tsaro da yake fakewa a ciki. Ƙabilun Ausu da Khazraj, waɗanda asalinsu ɗaya ne, sun daɗe suna zubar da jinin juna, Yahudawan garin kuma sun rabu, wasu suna tare da wannan, wasu da wancan. Kimanin shekara biyar kafin hijira aka gwabza yaƙin Bu'asu, inda Yahudawan Banu Ƙuraiza da Banu Nadir suka tsaya wa Ausu. Nana A'isha (RA) ta ce, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, ranar Bu'asu rana ce da Allah Ya gabatar wa ManzonSa, domin ya iso ya tarar kansu ya rabu, an kashe manyansu. An daina faɗa, amma ba a yi sulhun da ya wanke zukata ba. Gari yana neman wanda kowa zai yarda da hukuncinsa, har an fara shirin naɗa Abdullahi bin Ubayyu, sai ga Musulunci ya shigo.

Mutanen Yasriba sun san nauyin abin da suke ɗauka. A mubaya'ar Aƙaba ta biyu, shekarar 622, maza 73 da mata 2 suka yi alkawarin za su kare Annabi (SAW) kamar yadda suke kare matansu da 'ya'yansu. A nan Abul Haisam bin Tayyihan ya katse magana ya ce akwai igiyoyi tsakaninsu da wasu mutane, yana nufin Yahudawa, kuma za su tsinke su. Shin idan Allah Ya ba Annabi (SAW) nasara zai koma wurin mutanensa ya bar su? Annabi (SAW) ya yi murmushi ya amsa masa da kalmomin da Larabawa suke ƙulla alkawari da su, waɗanda ma'anarsu ita ce jininku jinina ne, ni naku ne ku nawa ne, ina yaƙar wanda kuka yaƙa, ina zaman lafiya da wanda kuka zauna lafiya da shi. Aka zaɓi wakilai 12, tara daga Khazraj, uku daga Ausu. Bayan 'yan watanni aka yi hijira: kwana uku a kogon Sauru, sannan hanyar gaɓar teku tare da ɗan jagora Abdullahi bin Uraiƙiɗ, aka sauka Ƙuba a watan Rabi'ul Awwal. Amma alkawarin Aƙaba na waɗanda suka halarta ne kawai. Sauran mutanen gari, da waɗanda ba su musulunta ba, da Yahudawa, ba su cikinsa. Takardar ce ta zo ta cike wannan giɓi.

Game da ingancinta, ga yadda abin yake. Cikakken nassin ya iso mana ta hannun Ibn Ishaƙ, kamar yadda Ibn Hisham ya adana a Sirarsa, kuma Ibn Ishaƙ bai kawo isnadi ba. Abu Ubaid ya kawo ta a Kitabul Amwal da isnadin da ya tsaya kan Zuhri, wanda tabi'i ne. Saboda haka a ma'aunin malaman hadisi, nassin a dunƙule bai kai matsayin hadisi sahihi ba, kuma kada kowa ya ce maka ya kai. Sai dai gaɓoɓinta da yawa sun zo ta hanyoyi ingantattu. Anas (RA) ya ce Annabi (SAW) ya ƙulla ƙawance tsakanin Ƙuraishawa da Ansar a cikin gidan su Anas. Muslim ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Annabi (SAW) ya rubuta wa kowane gida diyyar da ke kansa. Da aka tambayi Sayyidina Ali (RA) abin da ke cikin takardar da yake riƙe da ita, sai ya ambaci diyya da fansar kamamme, a wata ruwayar kuma ya ambaci hurumin Madina, da la'ana ga mai ɓoye mai laifi, da cewa amanar Musulmi ɗaya ce. Duk waɗannan suna cikin nassin Ibn Ishaƙ.

Akwai kuma shaidar da nassin ke ba da ita a kan kansa. Larabcinsa tsoho ne, da kalmomin da aka daina amfani da su tun da wuri har sai da malaman baya suka yi musu sharhi. Sannan yana ambaton Ƙuraishawa a matsayin abokan gaba, abin da mai ƙirƙira a zamanin Banu Umayya ko Abbasiyawa, da Ƙuraishawa ke mulki, ba zai yi sha'awar rubutawa ba. Wannan ne ya sa masana tarihi, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, suka karɓe ta. Inda suka saɓa shi ne ko takarda ɗaya ce aka rubuta a zama ɗaya. Wasu sharuɗɗan sun maimaitu, shi ya sa masana irin su Akram Diya'ul Umari suka rinjayar da cewa takardu biyu ne aka haɗa, ɗaya tsakanin Muhajirai da Ansar, ɗaya da Yahudawa. Lambobin da kake gani an jera, sharaɗi na 1 zuwa na 47, aikin masu bincike ne na baya-bayan nan, babu su a asali. Laƙabin kundin tsarin mulki na farko kuwa Muhammad Hamidullah ne ya yayata shi a ƙarni na 20. Ita dai tana kiran kanta "kitab" da "sahifa", wato rubutu ko takarda.

Yanzu mu shiga cikinta. Ta buɗe da cewa wannan rubutu ne daga Muhammadu Annabi, tsakanin muminai Musulmi na Ƙuraish da na Yasriba da waɗanda suka bi su suka yi jihadi tare da su, cewa su al'umma ɗaya ce ban da sauran mutane. Mai karatu zai zaci daga nan za a ce an rushe ƙabilu. Ba a rushe ba. Sai ma aka jero su ɗaya bayan ɗaya: Banu Auf, Banu Sa'ida, Banu Haris, Banu Jusham, Banu Najjar, Banu Amr bin Auf, Banu Nabit, Banu Aus. Gida takwas, kuma a kan kowanne aka maimaita jumla guda, cewa suna nan kan tsarinsu na da, suna biyan diyyarsu ta da a tsakaninsu, kowane ɓangare yana fansar kamammensa da kyautatawa da adalci. Kafin su duka an ambaci Muhajirai na Ƙuraish, aka ɗora musu wannan nauyi su ma. Wato an ɗauki baƙin nan marasa dangi, 'yan gidaje daban-daban na Makka, an mai da su gida na tara mai biyan diyyar junansa. Matsalar da hijira ta haifar ke nan aka warware da jumla ɗaya. Wanda ya karanta babin jini da haddi a Risala a zaure zai gane wannan tsari, shi ne abin da fiƙihu ya kira "aƙila", dangin da ke haɗa diyyar kisan kuskure.

Aka ƙara da cewa muminai ba za su bar wanda bashi da yawan iyali suka danne shi ba, sai sun taimaka masa wajen diyya ko fansa. Idan gidansa ya gaza, al'umma ce za ta ɗauka.

Abin da aka karɓe daga hannun ƙabila kuwa ya fi abin da aka bar mata nauyi. Takardar ta ce hannuwan muminai gaba ɗaya suna kan wanda ya yi zalunci ko ya nemi ɓarna a tsakaninsu, ko da ɗan ɗayansu ne. Ta ce wanda ya kashe mumini ba da hakki ba, kuma aka sami hujja, kisasi ne a kansa sai idan waliyyin mamaci ya yarda ya sauka, kuma muminai duka suna kansa, ba ya halatta gare su sai su tashi a kansa. Ta hana taimakon mai laifi ko ɓoye shi, ta ɗora la'anar Allah a kan mai yin haka. Ka tsaya ka auna wannan da al'adar da ta haifi Bu'asu, inda kare ɗan gida wajibi ne ko shi ne da laifi. An bar wa dangi aikin biya, an ƙwace musu aikin kare mai kisa. Ni a wurina nan ne zuciyar takardar.

Ga misali yadda hakan ya yi aiki. Kafin Musulunci, Mujazzar bin Ziyad, wanda ƙawayen Khazraj ne gidansu, ya kashe Suwaid bin Samit na Banu Amr bin Auf daga Ausu, kuma wannan kisa yana cikin abubuwan da suka rura wutar Bu'asu. Daga baya Mujazzar ya musulunta har ya halarci Badar. Ɗan mamacin, Haris bin Suwaid, shi ma ya shiga Musulunci, amma bai manta jinin ubansa ba. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, da sahu ya hargitse, sai ya lallaɓa ya kashe Mujazzar, alhali suna cikin runduna ɗaya. A tsohuwar al'ada Haris bai yi abin kunya ba, ya ɗauki fansar uba ne, danginsa za su tsaya masa, su kuma Khazraj su nemi ramuwa, a koma gidan jiya. Marubuta Sira sun saɓa kan abin da ya biyo baya, Ibn Ishaƙ ya ce ya gudu Makka. Amma a ruwayar Waƙidi, Annabi (SAW) ya hau zuwa Ƙuba, wato har unguwar su Haris, aka zo da shi ya amsa laifinsa yana ba da haƙuri, yana cewa zai biya diyya ya yi kaffara. Ba a karɓa ba. Aka umarci Uwaim bin Sa'ida ya zartar masa da hukunci a ƙofar masallaci. Uwaim kuwa a cikin Banu Amr bin Auf ake lissafa shi, gidan su Haris. Ka ga abin da hakan ya toshe: Khazraj ba su da sauran jinin da za su nema, Ausu kuma ba su da wani Bakhazraje da za su ce shi ya kashe ɗansu. Jini ya tsaya a nan.

Sai Yahudawa. Jumlar da aka fi ambato ita ce Yahudawan Banu Auf al'umma ce tare da muminai, Yahudawa suna da addininsu, Musulmi suna da nasu, su da mabiyansu, sai dai wanda ya yi zalunci da saɓo, shi kam ba ya halaka kowa sai kansa da mutanen gidansa. Aka ba Yahudawan Banu Najjar da na Banu Haris da na Banu Sa'ida da na Banu Jusham da na Banu Aus da na Banu Sa'alaba irin wannan matsayi. A nassin Abu Ubaid an ce al'umma ce "daga" muminai maimakon "tare da" su, kuma shi da kansa ya fassara cewa ana nufin taimakon da za su ba Musulmi a kan abokan gaba, ba haɗuwa a addini ba.

Nauyin da ke kansu a fili yake. Kowane ɓangare yana ɗaukar kuɗin yaƙinsa. Za a taimaki juna a kan duk wanda ya kawo wa Yasriba hari. Ba za a ba Ƙuraishawa mafaka ba, ko mai taimakonsu, kuma wannan hani ya haɗa har da mushrikan gari, abin da ke nuna su ma ana lissafa su cikin waɗanda takardar ta ɗaure. Ba a kama mutum da laifin abokin ƙawancensa. Wanda aka zalunta a taimake shi. Sannan aka mai da cikin Yasriba hurumi ga ma'abota takardar, wurin da ba a zubar da jini, irin abin da Larabawa suka sani game da Makka. Duk rigimar da ake tsoron ta zama ɓarna kuwa, a mai da ita ga Allah da Muhammadu Manzon Allah.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya amfani su kansu Yahudawan. An ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa Banu Nadir, saboda suna ganin sun fi daraja, cikakkiyar diyya ake biyan mamatansu, na Banu Ƙuraiza kuwa rabi. Da aka kai maganar gaban Annabi (SAW) sai ya daidaita su, kuma an danganta saukar aya ta 42 ta Suratul Ma'ida da wannan, inda Allah Ya ce idan zai yi hukunci ya yi a tsakaninsu da adalci.

Akwai wurin da masu wa'azi da masu rubutu suke yawan zamewa, kuma ina so ka kiyaye. Manyan ƙabilun Yahudawa uku da kowa ya sani, Banu Ƙainuƙa da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza, ba a ambaci sunan ko ɗaya a nassin ba. Yahudawan da aka ambata an jingina su ne ga gidajen Larabawa. Wasu masana suna ganin ukun nan sun shiga ta hanyar ƙawancensu da Ausu da Khazraj, wasu kuma suna ganin kowacce tana da nata alkawari daban da ta ƙulla da Annabi (SAW). Cewa akwai alkawari tsakaninsa da su, wannan littattafan Sira sun tabbatar, har an ambaci Ka'ab bin Asad a matsayin wanda ya ƙulla na Banu Ƙuraiza. Abin da ban so shi ne mutum ya ce "sun karya sharaɗi kaza na takardar Madina" kamar yana karanto sunansu daga ciki. Idan ka ji an faɗi haka, ka nemi a nuna maka layin.

Haka nan kalmar kundin tsarin mulki, ban ƙi ta ba idan an san iyakarta. Takardar ta fayyace su wane ne 'yan gari, da hakkinsu, da inda hukunci ke ƙarewa. Amma ba ta yi maganar haraji ba, ba ta tsara muƙamai ba, ba ta faɗi yadda za a zaɓi shugaba ba, kuma da gidaje take magana fiye da ɗaiɗaikun mutane. Wanda ya cusa mata ma'anonin zamaninmu zai rasa abin da ita kanta ta zo gyarawa.

Ko rabuwar da aka yi da Banu Nadir ma ta kan diyya ta faro. A watan Safar na shekara ta 4 aka yi wa makaranta Alƙur'ani kisan gilla a Bi'iru Ma'una, mutum 70 a ruwayar Bukhari. Amr bin Umayya Damri, wanda ya tsira, yana kan hanyar komawa sai ya haɗu da mutum biyu 'yan Banu Amir. Ya bari sai da suka yi barci ya kashe su, yana ganin ya rama wa 'yan'uwansa. Bai san cewa suna ɗauke da amanar Annabi (SAW) ba. Da ya iso ya ba da labari, Annabi (SAW) ya ce lallai shi zai biya diyyar mutum biyun nan da Amr ya kashe. Ka duba lokacin: an kashe masa sahabbai masu yawa a ƙasar mutanen nan, ya yi wata guda yana alƙunutu a kan waɗanda suka yi kisan, amma jinin biyun nan da aka ba amana bai faɗi ba. Neman gudummawar wannan diyya ce ta kai shi unguwar Banu Nadir tare da Abubakar da Umar da Ali (RA), domin akwai alkawari tsakaninsa da su, su kuma suna da ƙawance da Banu Amir. Suka amsa da baki cewa za su taimaka. Yana zaune a gindin bangon wani gida nasu sai suka keɓe suka shirya Amr bin Jihash ya hau sama ya sako masa dutse. Labari ya zo masa daga sama, ya tashi kamar mai wata buƙata ya kama hanyar Madina. A watan Rabi'ul Awwal na wannan shekara aka kewaye su, suka fita da abin da raƙumansu za su iya ɗauka ban da makamai, wasu suka nufi Khaibar wasu Sham, kuma a kansu Suratul Hashri ta sauka.

Wallahu a'alam.